Katin kyauta a shagon kitso da lalle

"Na sayar da katin kyauta na dubu 20 kafin Sallah. In rubuta shi cikin cinikin ranar?"

A'a, Hajiya, bashi ne a wuyanki sai kin yi aikin. Ki ware masa shafi: lambar kati, ranar sayarwa, kuɗinsa, ranar ƙarewa. In mai katin ta yi lalle na dubu 12, shi ne ciniki. Ki rubuta ragowar dubu 8 a bayan katin, ki sa hannu.

Ni na taɓa cinye kuɗin katuna, sai ga amare sun zo ba ni da na sayen kaya. Wallahi na ji jiki.

Wa'adin kuwa, ko wata 12 ne, ki buga shi ɓaro-ɓaro a jikin katin. Kafin ki ɗauki kuɗin katin da wa'adinsa ya ƙare a matsayin naki, ki tuntuɓi akanta kan haraji da dokar masu saye.