Mai gyara ya ce in kashe katangar tsaro kafin wasa ya haɗu: shin haka ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da ƙanena muna buga Minecraft Java a kwamfutoci biyu masu Windows 11, a kan waifai ɗaya na gida. Idan na danna Open to LAN, shi sai ya ga "Connection timed out". Mai gyara ya kashe min katangar tsaro da antibairos, wasan ya haɗu, ya ce in bar su haka. A kwamfutar nan nake shiga asusun banki, hankalina bai kwanta ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka karanta sauran amsar nan, ka koma Windows Security ka kunna dukansu biyu, domin abin da wasan yake buƙata ƙofa ɗaya ce tak.

Katangar Windows, a yadda take zuwa, tana barin abin da ya fita daga kwamfutarka ya wuce, amma tana tare duk haɗin da ya taso daga waje ba tare da ka nema ba. Shi ya sa kake iya shiga sabobin intanet lafiya lau, amma da zarar kwamfutarka ta zama mai masaukin baƙi, sai ƙaninka ya tarar da ƙofa a rufe. Saƙon "Connection timed out" ya dace da wannan, saboda katangar ba ta mayar da amsa, jefar da buƙatar kawai take yi har mai nema ya gaji da jira. Da "Connection refused" ya gani, da na fi zargin kuskuren lambar ƙofa, wato port, tunda hakan na nuna saƙon ya isa har an amsa masa.

Mafi yawan lokaci tushen matsalar shi ne akwatin da ya fito ranar farko yana neman izini ga OpenJDK Platform binary ko Java(TM) Platform SE binary, mutum bai gane sunan ba ya danna Cancel. Wannan dannawar tana sa Windows ta rubuta dokar hani ga `javaw.exe`, wato manhajar da ke gudanar da wasan, kuma dokar hani tana rinjayar dokar izini a duk inda suka ci karo. Saboda haka ne mutane suke ƙara izini a kan izini, abin ya ƙi. Ka danna Windows da R, ka rubuta `wf.msc`, ka shiga Inbound Rules, ka nemo layukan Java masu jan tambari ka goge su. Sannan ka duba matsayin waifai ɗinka a Settings, ƙarƙashin Network & internet, domin Windows 11 tana ɗaukar sabon waifai a matsayin Public network; na gidanka, wanda ka san duk masu amfani da shi, ka mayar da shi Private network.

Bayan nan sai ka ba da izini mai iyaka. Yayin da wasan ke buɗe, ka shiga Task Manager, shafin Details, ka danna `javaw.exe` da maɓallin dama ka zaɓi Open file location, domin kwamfuta ɗaya tana iya ɗauke da Java biyu ko uku, kuma izinin da aka ba wadda ba ita wasan ke amfani da ita ba aikin banza ne. Tun daga fitowa ta 1.19.3 wasan yana barin ka zaɓi lambar ƙofa da kanka a Open to LAN, don haka ka riƙa sa 25565 kullum. Ka buɗe PowerShell da Run as administrator, ka sa adireshin da ka samo a gurbin da ke bayan `-Program`:

```
New-NetFirewallRule -DisplayName "Minecraft LAN" -Direction Inbound -Program "C:\...\javaw.exe" -Protocol TCP -LocalPort 25565 -RemoteAddress LocalSubnet -Profile Private -Action Allow
```

Dokar nan ta shafi manhaja ɗaya da ƙofa ɗaya, ga na'urorin da ke kan waifai ɗinka kaɗai. Idan ka rubuta `ipconfig` a PowerShell ya nuna maka adireshin kwamfutarka 192.168.0.105, alal misali, ƙaninka ya shiga Direct Connection ya rubuta `192.168.0.105:25565`. Idan duk da haka ya ƙi, ka duba saitin rawutar ko an kunna AP isolation, wanda ke hana na'urorin waifai ɗaya ganin juna.

Yanzu bari in dawo kan shawarar mai gyaran nan, domin kusan kullum sai an kawo min kwamfutar da aka yi wa irin wannan aikin, kuma abin ya ishe ni. Kashe katanga na minti biyu don a gano ko ita ce ke tarewa gwaji ne da mu ma muke yi a kan waifai na gida, amma wanda ya tsaya a nan ya karɓi kuɗinka ya gano ciwo ne kawai bai yi magani ba. Ko gwajin ma bai yi shi daidai ba, tunda ya kashe abu biyu lokaci guda, alhali aikinsu daban ne: katanga tana lura da haɗin da ke shiga da fita, antibairos kuma yana binciken fayiloli da abin da manhajoji ke aikatawa. A matsalarka antibairos ba shi da laifin komai. Kuma akwai bambancin da masu gyara ba sa faɗa wa mutane: Real-time protection na Windows yana sake kunna kansa bayan ɗan lokaci, amma katangar da aka kashe tana nan a kashe har sai wani ya tuna da ita. Haka za ka ɗauki kwamfutar ka je makaranta ko shagon intanet ka hau waifai ɗin da mutane da yawa ke kai, duk wata ƙofa da ke sauraro a cikinta tana buɗe ga kowa, har da ta 445 ta raba fayiloli, wadda ta nan ne mugunyar manhajar WannaCry ta riƙa yaɗuwa a watan Mayun 2017.

Mafi muni kuma shi ne masu cewa a je Exclusions a sa faifan `C:\` gaba ɗaya ko foldar Downloads, "don kada wasa ya riƙa tsayawa". Wannan daidai yake da umartar mai gadi da kada ya binciki kowa a ƙofar da baƙi suka fi bi. Al'adar ta samo asali ne daga wasannin sata, waɗanda takardar da ke tare da su kan ce a kashe antibairos kafin a girka, mutane suka saba har suka ɗauka ƙa'idar wasa ce. Wasan da aka saya ta halastacciyar hanya ba ya neman haka. Hujjar "ai wasa ne kawai" ma ba ta tsaya ba, domin ƙarin kayan da ake sa wa Minecraft manhajoji ne masu cikakken ikon taɓa fayilolinka, kuma a watan Yunin 2023 an gano mugunyar manhajar da aka sa wa suna Fractureiser a cikin wasu daga cikinsu a CurseForge, shafin da ake sauke su, tana satar kalmomin sirri da bayanan shiga da burauza ke ajiyewa. Ga wanda ke shiga banki a kwamfutar da yake wasa, irin wannan ce asarar da ake gudu.

Idan har antibairos ya taɓa kama wani fayil na wasan, za ka gan shi a Protection history da sunansa da inda yake. Ka tabbatar daga inda ya fito kafin ka ba shi izini, kuma fayil ɗin kaɗai, ban da foldar da yake ciki. Tunda kwamfutarka ta ɗan zauna babu tsaro, ka buɗe Exclusions ka cire duk abin da mai gyaran ya sa, ka gudanar da Full scan, sannan ka canza kalmar sirrin bankinka da ta imel daga wayarka. Ka kuma riƙe a ranka cewa idan an sabunta wasan ya koma amfani da wata Java a wata folda, dokar da ka rubuta za ta daina aiki, sai ka sake bi ta Task Manager ka gyara adireshin a `wf.msc`, ƙarƙashin Programs and Services.