Gonar da ta fi filin ƙwallo ta koma murabba'in mita 462

"Maigida, na ɗauko lambobin kusurwa huɗu na gonar nan da GPS, na yi lissafin igiyar takalmi, wanda ake fitar da girman fili da shi daga lambobin kusurwoyi, sai ya ba ni murabba'in mita 462.5. Gonar kuwa ta fi filin ƙwallo girma. Ina na kuskure?"

Miƙo littafin in gani. To, ninkawarka duk daidai ce, jerin kusurwoyin ne ya kayar da kai. Daga turke na biyu ka ratsa tsakiyar gona zuwa na huɗu, sannan ka dawo na uku, ka kuma rubuta su yadda ƙafarka ta taka. Shi wannan lissafi bai san gona ba, layin da ka ba shi yake bi. Da ka tsallake, sai iyakar ta harɗe ta zama alwatika biyu masu haɗa baki, ɗaya ya fito da ƙari, ɗaya da ragi, suka cinye juna. Abin da ya rage shi ne 462.5 ɗinka.

Zauna mu sake. Lambobinka na UTM ne, wato mita ne, gabas da arewa, wannan ka yi daidai. Da digiri ka kawo min da sai mun fara juya su zuwa mita, don digiri ba ya ninkuwa ya ba da faɗin ƙasa. Turken farko yana gabas 447200, arewa 1326400. Kada ka wahalar da kalkuleta da waɗannan dogayen lambobi. Cire na turken farko daga kowanne, girman gonar ba zai canza ba. Sai ka jera su kamar mai zagaya shinge, ka sake rubuta na farko a ƙasa domin zagayen ya rufe.

```
     x (gabas)   y (arewa)
A       0           0
B     120          10
C     140          95
D      15         110
A       0           0
```

Yanzu ɗauki gabas na kowane layi ka ninka da arewa na layin da ke ƙarƙashinsa. Na A sifili ne, 120 sau 95 ya ba da 11,400, 140 sau 110 ya ba da 15,400, na D ma sifili. Jimla 26,800. Sai ka juya hannu, arewa na kowane layi sau gabas na ƙasansa: 10 sau 140 shi ne 1,400, 95 sau 15 shi ne 1,425, sauran sifili. Jimla 2,825. In ka ja layukan ninkawar nan da fensir za ka ga sun gicciye kamar igiya a ramukan takalmi, can sunan ya samo asali.

```
(26800 - 2825) / 2 = 11987.5
11987.5 / 10000 = 1.19875
```

Gonar murabba'in mita 11,987.5 ce. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ne, fili mai mita 100 kowane gefe, don haka ka sami hekta 1.2 saura kaɗan. In mai gona ya ce shi eka ya sani, hekta ɗaya eka 2.471 ce, tasa ta kusa eka uku. Wata rana za ka zagaya ta ɗaya hannun, yadda allurar agogo ke tafiya, amsa ta fito da alamar ragi. Wannan ba kuskure ba ne, share alamar ka ci gaba.

Kewaye kuma gefe-gefe ake binsa. Daga B zuwa C gabas ta ƙaru da 20, arewa da 85. Ninka kowanne da kansa, 400 da 7,225, haɗa su 7,625, ka ɗauki tushen murabba'insa, mita 87.32. Haka A zuwa B ya ba da 120.42, C zuwa D 125.90, D zuwa A 111.02. Wannan gefe na ƙarshe shi yara suka fi mantawa, sai a sayo waya ta ƙare shinge bai rufe ba. Jimla mita 444.66. Amma ka sani wannan awon kwance ne, kamar a kan takarda. In gonar gangare ce, wayar da za ta bi ƙasa za ta fi haka tsawo.

Ni ba na sa hannu a kan amsa sai na gwada ta da ido. Dogayen gefe biyu matsakaicinsu kusan 123, gajerun kusan 99, ninka su ka sami 12,177. Ya yi kusa da 11,987.5, hankali ya kwanta. Da ka yi wannan tun a gona, ko ka ɗiga kusurwoyin a takarda ka haɗa su da layi, da ka ga harɗewar kafin ka hau babur.

Sannan kada ka rubuta wa mai gona 1.19875. GPS ɗin hannu yakan kauce da 'yan mitoci a kowane turke, kuma iyakar da ta kai mita 445, in ta matsa waje da mita ɗaya kacal, ta ƙara kusan murabba'in mita 445. Rubuta hekta 1.2, a gefe ka sa sunan na'urar da ka auna da ita.