Bango ko cikon ciki: wanne ke hana abu karyewa?

Tambaya: «Na buga marikin kanta na roba da injin buga kaya na 3D a shagona a Samaru, na sa Infill, wato cikon ciki, 80%, duk da haka ya tsage a kusurwa. In kai shi 100%?»

Kar ka kai. Asarar roba ce da lokaci, ga wutar Zariya da ba ta jiran a gama aiki.

Idan kaya ya danne mariki, fatar waje, wato bango, ce ke shan ja da matsi, tsakiya kusan hutawa take. Shi ya sa bututun ƙarfe ke ɗaukar nauyi alhali cikinsa fanko ne. Da bakin injin 0.4 mm, bango biyu bai kai milimita ɗaya ba. Mai da shi biyar, kauri ya kai wajen 2 mm (Wall Line Count a manhajar Cura, Perimeters a manhajar PrusaSlicer), sannan ka sauke ciko zuwa 25%. A tsarin ciko, zaɓi Gyroid ko Cubic, don suna tallafa bango ta kowace fuska. Lightning kuwa na kayan ado ne.

Amma kafin nan, duba inda ya karye. Idan wurin ya rabu sumul a kan layi ɗaya, ba laifin ciko ba ne, a tsaye ka buga shi, nauyi ya ɓamɓare shimfiɗa daga shimfiɗa. Kwantar da shi a gefensa yadda zaren zai zagaye kusurwar ba yankewa, ka kuma lanƙwasa kusurwar ciki a zanen.

In da robar PLA ka buga shi, kar ya sha rana, yana laushi tun wajen digiri 60. Abin da zai ɗauki nauyin mutum kuwa, kai wa injiniya ya lissafa tukuna.