Tambaya da Amsa: An ce d = 0.24 ƙarami ne, shin bincikena ya faɗi ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar digiri na biyu ce a fannin ilimi a nan Gombe. Na gwada wata dabarar koyar da karatun Hausa a aji uku na firamare tsawon zango ɗaya. Yara 120 da aka koyar da ita sun karanta kalmomi 14 daidai a minti ɗaya (SD 13), yara 120 da ba a taɓa ba kuma 11 (SD 12). SPSS ya ba ni d = 0.24. A wajen gabatar da aiki an ce mini wannan ƙarami ne, ba shi da amfani sai ya kai 0.5. Wani mai yi wa ɗalibai lissafi ya ce in kawo masa zai gyara ya haura. Wallahi ko barci ba na iya yi. Me zan rubuta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kwantar da hankalinki, aikinki bai faɗi ba, kuma kada ki kai wa mutumin nan komai. Lissafinki daidai yake: d shi ne tazarar da ke tsakanin rukuni biyu a raba ta da SD, wato awon yadda makin yara ya warwatsu. SD ɗin rukuni biyun idan an haɗa su zai ba da 12.5, tazarar kalmomi 3 kuwa a raba ta da 12.5 ta ba da 0.24. A SPSS ki tabbata layin Point Estimate kika karanta, domin ɗalibai da yawa sukan ɗauki na Standardizer, wanda shi ne 12.5 ɗin, su rubuta shi a matsayin d. Gyaran Hedges, wanda SPSS yake nunawa tare da d, ba zai canza miki komai ba da yara 240, amfaninsa sai idan mutane kaɗan ne a kowane rukuni.

Wannan 0.2 ƙarami, 0.5 madaidaici, 0.8 babba da ake rera wa ɗalibai kamar karatun allo, daga Jacob Cohen ya fito, a littafinsa na 1969 wanda aka sake bugawa a 1988. Dalilin da ya sa ya kawo su shi ne mai shirin bincike ya samu abin da zai ƙiyasta yawan mutanen da yake bukata, idan babu wani aikin baya da zai dogara da shi. Shi da kansa ya yi gargaɗi cewa ƙarami da madaidaici da babba sun danganta da fanni da kuma irin binciken. Misalin da ya bayar na 0.2 shi ne bambancin tsayi tsakanin 'yan mata masu shekara 15 da masu 16, na 0.8 kuma tsakanin masu 13 da masu 18. To wace dabarar koyarwa ce za ta raba yaran aji ɗaya cikin wata uku kamar yadda shekara biyar take raba tsayin yarinya da budurwa? Duk wanda ya ce miki sai an kai kusa da can kafin a kira aiki mai amfani, bai duba abin da ake samu a makarantu ba.

Abin da ake samu a makarantu an ƙirga shi. Matthew Kraft a 2020 ya tattara gwaje-gwaje 747 na ilimi waɗanda aka raba ɗalibai da ƙuri'a, aka auna su da jarrabawar da ba mai binciken ne ya tsara ta ba. Na tsakiyar sakamakon kusan 0.10 ne. Shi ya sa ya ba da shawarar a ɗauki ƙasa da 0.05 a matsayin ƙarami, daga 0.05 zuwa ƙasa da 0.20 madaidaici, 0.20 zuwa sama kuma babba. David Evans da Fei Yuan a 2022 sun duba na ƙasashe masu tasowa, su ma na tsakiyar da suka samu a kan koyo wajen 0.10 ne. Kin ga ke nan 0.24 ɗin nan ƙarami ne a mudun Cohen, babba ne a mudun Kraft, alhali lambar ba ta motsa ba. Sai dai kada ki yi saurin rubuta "babba". Ma'aunin Kraft na jarrabawa mai faɗi ne. Idan ke kika tsara rubutun da yaran suka karanta, musamman idan daga darussan dabarar kika ɗebo kalmominsa, to sakamakon yakan kumbura. Cheung da Slavin a 2016 sun nuna cewa jarrabawar da mai bincike ya tsara takan ba da kusan ninki biyu na abin da jarrabawar waje take bayarwa. Don haka ki faɗi a fili wane ne ya tsara gwajin.

Yanzu ga kuskuren da ya fi damuna, wanda kullum sai an gamu da shi a kundayen ɗalibai daga Gombe har Bauchi: ɗaukar d a matsayin awon ƙarfin dabarar ita kanta. Lambar nan rabawa ce, tana da sama tana da ƙasa. Saman shi ne abin da dabarar ta ƙara wa yara, ƙasan kuwa shi ne yadda yaran suka bambanta a junansu, kuma wannan ƙasan ba ruwansa da dabararki. A aji uku na makarantar gwamnati za ki tarar da yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba zaune kusa da yarinyar da take zuba kalmomi arba'in a minti. Wannan warwatsuwar ce ta kai SD ɗinki 12.5. Da a ce kin zaɓi yara masu kusan ƙoƙari ɗaya, SD ya sauko 6, kalmomin nan 3 dai za su ba ki d = 0.5. Babu yaron da ya ƙara ko harafi ɗaya, amma lambar ta tashi daga ƙarami zuwa madaidaici.

To wannan ita ce ƙofar da mai "gyara" zai shiga. Zai goge yaran da suka ci sifili da waɗanda suka yi zarra, ya kira su bayanan da suka fita daga layi, SD ya ragu, d ya hau. Ko kuma ya ajiye rukunin da ba a taɓa ba gaba ɗaya, ya kwatanta makin farkon zango da na ƙarshensa a rukunin dabarar kaɗai. A nan abu biyu ne za su kumbura lambar lokaci guda. Yaro yana ƙaruwa a zango ko da dabara ko babu, sai a ɗora wa dabarar wannan ƙaruwar. Sannan idan aka raba da SD na bambancin makin kowane yaro, wanda yakan yi ƙasa da na ainihin maki idan gwajin farko da na biyu suna tafiya tare sosai, sai lambar ta sake tashi. Ta haka ake samun 1.5 da 2.0 da kike gani a wasu kundaye, ana tafa musu. Abin takaici, kwamitin da zai tsare ki a kan 0.24 na gaskiya shi ne zai wuce da 2.0 ba tare da ya tambayi da me aka raba ba. Yaran da aka goge kuwa su ne ainihin waɗanda aka yi binciken dominsu. Hukumar da za ta karanta irin wannan kundi ta sayi littattafai a kansa, kuɗin jama'a za ta zuba a kan ƙarya, kuma alhakin yaran yana wuyan wanda ya goge da wanda ya biya shi. Idan kin ga d ya haura 1 a gwajin koyarwa na zango ɗaya, tambaya uku za ki fara yi: akwai rukunin kwatance, wane SD aka yi amfani da shi, kuma yara nawa aka cire.

Akwai wata matsala a aikinki da ta fi laƙabi nauyi, ita ya kamata a tambaye ki. Da yara 120 a kowane ɓangare, kuskuren ƙiyasin d yana kusa da 0.13. Ki ninka shi da 1.96 ki samu 0.25. Tazarar amincin kashi 95 ke nan ta tashi daga kusan −0.01 zuwa 0.49. Wato bayananki sun yarda da cewa dabarar ba ta yi komai ba, sun kuma yarda da cewa ta kusa kai madaidaicin Cohen. Kalma ɗaya ba za ta rufe wannan faɗin ba. Idan kuma makarantu ko azuzuwa kika raba, ba yara ɗaya-ɗaya ba, tazarar ta fi haka faɗi, saboda yaran malami ɗaya suna kama da juna. Idan kina da makin farkon zango, ki sa shi cikin ANCOVA. Hanya ce ta halal da takan matse tazarar, da sharaɗin wajen fitar da d ki raba gyararren bambancin da SD na asali, wato 12.5.

Sa'arki ɗaya, ma'auninki kowa ya san shi. Kalma a minti abu ne da shugaban makaranta da uwar yaro za su gane, saboda haka shi za ki fara rubutawa: daga 11 zuwa 14, ƙarin kashi 27 cikin ɗari a kan rukunin kwatance. Za ki ga ana fassara 0.24 da cewa yaro na tsakiya ya tashi daga matsayi na 50 zuwa wajen na 59 cikin ɗari. Wannan fassarar tana bukatar maki masu taruwa a tsakiya, naki kuwa da SD ya kai girman matsakaicin maki, alama ce cewa yara da yawa suna kan sifili. Ki bar ta, ki ƙirga kai tsaye yara nawa ne ba su karanta ko kalma ɗaya ba a kowane rukuni. Wannan ƙidayar za ta nuna ko dabarar ta ɗaga na ƙasa ne, ko kuwa masu iyawa ne suka ƙara gudu. Ki haɗa da abin da aka kashe a kan kowane yaro, domin kalmomi 3 da aka samu da horon malamai na kwana biyu da katin haruffa daban suke da kalmomi 3 da sai an sayi na'ura.

A babi na huɗu ki rubuta abu mai kama da wannan: yaran da aka koyar da dabarar sun fi sauran da kalmomi 3 a minti, d = 0.24, tazarar aminci daga −0.01 zuwa 0.49, bisa ma'aunin Cohen na 1988 wannan ƙarami ne, amma ya haura na tsakiyar abin da gwaje-gwajen ilimi suka saba samu, wato 0.10, yawan yaran bai isa a yanke hukunci a kan girmansa ba. Kada ki cire Cohen, tunda malamanku shi suka sani kuma za su neme shi. Ranar kare kundi, idan aka sake cewa sai 0.5, ki nemi izini cikin ladabi ki buɗe shafin da kika jera sakamakon wasu gwaje-gwajen karatu na firamare, uku ko huɗu masu rukunin kwatance da irin gwajinki, ki nuna inda 0.24 ya faɗo a cikinsu. Allah ya ba da sa'a.