Shafukan ajiya a ƙarshen gabatarwa

Tambaya: Minti 15 aka ba ni, shafukana sun kai 30. Na san za a yi tambayoyi, ina zan sa sauran?

Amsa: Bar 10 a gaba, sauran su koma bayan shafin rufewa. Amma sai ka tace su. Rubuta tambayoyi biyar ko shida da ka fi tsammani, kowacce shafi ɗaya, amsarta ce kanunsa. In jigon bayaninka ya ce kuɗin aiki zai ragu, tabbas wani zai ce, yaya aka yi lissafin? Teburin lissafin nan shafin ajiya ne. Abin da hujjarka ba ta tsayawa sai da shi kuwa, gaba zai zauna.

A PowerPoint ka yi wa shafukan ajiyar Hide Slide, don kada su ɓullo in ka zarce. Riƙe takarda mai lambobinsu. Ana cikin nuni, buga 14 ka danna Enter, shafi na 14 zai fito ko a ɓoye yake. Lalube shafi-shafi gaban jama'a na cin lokaci.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne a gyara adadi a gaba, a manta na baya, mai tambaya ya ga biyu sun saɓa. Ana gobe gabatarwa, da dare ka gwada su da juna.