Takardar sitaj: kada ki sa hannu sai an cire manhajarki daga cikinta

Tambaya:

Metir, ina wuni. Ni ɗiyar Tawa ce, bana na samu lisans a fannin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Wani kamfani a Yamai ya ɗauke ni sitaj, an turo mini takarda in sa hannu kafin ƙarshen mako. Ta ce wata 6 ne, ana iya sabuntawa, kuma za a riƙa ba ni jaka 40 a wata kuɗin mota. Ta ce duk abin da na gani ko na ji sirri ne har abada. Ta ce duk abin da na ƙirƙira a tsawon sitaj, a wurin aiki ko a waje, mallakar kamfani ne. Su suna iya sallamata kowane lokaci, ni kuwa in zan tafi sai na ba da sanarwar wata guda, in ban ba ba in mayar da duk kuɗin da na karɓa. Damuwata ita ce ina da wata manhaja ta lissafin adashi da na fara tun ina rubuta kundin kammala karatu, matan unguwarmu har sun fara aiki da ita. Babana ya ce in sa hannu kawai, samun wuri wuya gare shi. Yaya zan yi?

Amsa:

Lafiya lau, ɗiyata. Baba yana da gaskiya, wurin sitaj a Yamai ba a tsinta shi a hanya, kuma ba zan ce ki ƙi shi ba. Amma kin yi dabara da kika tambaya tun alƙalami bai taɓa takarda ba. Aya ta 1134 ta kundin dokar farar hula da muke aiki da shi ta ce yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida doka ce ga waɗanda suka ƙulla ta. Yau kina iya neman gyara da baki mai daɗi. Bayan sa hannu sai dai ki nema a gaban alƙali, da kuɗi da ɓata lokaci.

Bari in fara da manhajar, domin a nan ne kike da abin asara na gaske.

A Nijar haƙƙin mawallafi yana ƙarƙashin dokar odonansi mai lamba 2010-95 ta 23 ga Disamba 2010, sannan ƙasarmu tana cikin ƙungiyar OAPI mai kare haƙƙin ƙirƙira a Afirka, mai cibiya a Yawunde, wadda Yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. A wannan tsari manhaja tana samun kariya kamar rubutaccen littafi, kuma haƙƙin yana tabbata ga wanda ya rubuta ta tun ranar da ya rubuta, ko bai yi rajista a ko'ina ba. Haƙƙin nan kashi biyu ne. Na farko shi ne a san ke kika yi aikin, a ambaci sunanki a kansa. Wannan ba ya sayuwa. Na biyu shi ne na cin amfani: kwafa, sayarwa, bayar da haya, gyarawa. Shi ana iya miƙa shi ga wani a rubuce, kuma shi ne wannan sharaɗi yake son karɓa daga hannunki.

Rabin sharaɗin ba shi da laifi. Idan shugaban sashenki ya ce ki gyara musu tsarin lissafin kaya, kika yi da na'urarsu, a lokacin aikinsu, da bayanan abokan cinikinsu, babu mamaki su ce amfanin nasu ne. Haka ake yi ko'ina, kuma ba zan ba ki shawarar ja da wannan ba. Inda maganar ta wuce gona da iri shi ne kalmar nan “ko a waje”. Ki duba yadda za ta kasance. A wata na uku, ranar Lahadi, kina ɗakinki, kika ƙara wa manhajar adashi wani sashe da ke tura wa mata saƙon tunatarwa ranar zubi. Tsohuwar manhajar taki ce, babu gardama. Amma wannan sabon sashen an ƙirƙire shi “a tsawon sitaj”, don haka kamfani yana da takardar da zai ɗaga ya ce nasa ne. Wata shida na irin wannan gyara, sai tsohon aiki da sabo su cakuɗe yadda ba mai iya raba su. Ranar da wata ƙungiyar ba da rance ta so sayen manhajar, tambayarta ta farko ita ce ko akwai wani mai haƙƙi a kai, kuma ba za ki iya cewa babu da zuciya ɗaya ba. Lauya zai iya jayayya cewa sharaɗin ya yi faɗin da bai kamata a aiwatar da shi ba, ni ma zan yi wannan jayayya in ta kai ga haka, amma bai dace ki jingina aikin shekarunki a kan abin da alƙali zai yanke ba.

Gyaran layi biyu ne. Ki nemi a rubuta cewa kamfani yana da haƙƙin cin amfanin ayyukan da ya ba ki umarnin yi a cikin sitaj kaɗai. Sannan a ƙara cewa manhajar adashi, a ambace ta da sunanta, da duk gyaran da za ki yi mata a lokacinki da kayanki, taki ce. Kafin ki fara aiki ki tanadi shaidar cewa ta riga sitaj: kundinki mai ɗauke da hatimin jami'a da kwanan wata, kwafin manhajar da kika tura wa kanki ta imel, in kuma da hali ki kai ta ajiya a ofishin BNDA mai kula da haƙƙin mawallafa a Yamai. Daga nan sai ki kiyaye abu guda sosai. Kada ki taɓa buɗe ta a na'urar kamfani, kada ki yi mata aiki a lokacin ofis, kada ki ɗauko ko layi ɗaya na abin da kika rubuta musu ki sa a ciki. Da yawa a nan suke karya hujjarsu da hannunsu.

Sai maganar wa'adi. Wata 6 ba matsala ba ne. “Ana iya sabuntawa” ba tare da iyaka ba shi ne abin dubawa, don na ga matasa da suka shekara biyu ana kiran su 'yan sitaj alhali su ke riƙe da sashe sukutum. Sitaj koyo ne: akwai mai koyarwa, akwai abin da za a koya, akwai ranar gamawa. Kundin dokar ƙwadago, wato doka mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, yana ɗaukar mutum ma'aikaci ne idan yana aiki ƙarƙashin umarnin wani ana biyansa, kuma alƙali yana duba yadda aikin yake gudana a zahiri, sunan da aka rubuta a saman takarda ba ya ɗaure shi. Idan aka wayi gari babu mai koya miki komai, kina cike gurbin ma'aikaci, ana ta sabunta takarda, kina da hanyar zuwa wurin sufeton ƙwadago. Shi zai kira ku sulhu, in bai yiwu ba a wuce kotun ƙwadago a nemi ta ɗauki zaman a matsayin kwantiragin aiki, da albashinsa da rajista a CNSS, asusun fansho da inshorar ma'aikata. Ki lura cewa jaka 40 ɗin da aka kira kuɗin mota bai kai mafi ƙarancin albashi ba, wanda aka ɗaga zuwa jaka 42. Ga mai koyo na gaske wannan ba lalle ya zama laifi ba, ga wanda ya zama ma'aikaci a ɓoye kuwa hujja ce. Don haka ki nemi a rubuta ranar farawa da ranar gamawa da lamba, sabuntawa sau ɗaya tak kuma a rubuce, da sunan wanda zai kula da koyonki. Ki tambaya kuma wa zai ɗauki nauyi in kin yi hatsari a wurin aiki ko a hanyar zuwa. Mai hawa kabu-kabu kullum a Yamai bai kamata ya bar wannan tambaya ba.

Sirri kuwa ki karɓe shi, haƙƙinsu ne. Sunayen abokan ciniki, lambobin wayarsu, farashi, kalmomin shiga na'ura, duk ba na fitarwa ba ne, kuma bayanan mutane suna da kariyar doka mai lamba 2022-59 ko da babu wannan takarda. Hoton allon na'ura da aka tura wa ƙawa ta waya ya isa ya jawo miki ƙara. Abin da za ki nema shi ne a fayyace cewa sirrin bai haɗa da abin da kowa ya sani ba, ko ilimin da kika zo da shi, ko abin da kotu ko sufeto suka tambaye ki, kuma kina da izinin faɗin cewa kin yi sitaj a wurin da irin aikin da kika koya. In ba haka ba me za ki gaya wa mai ɗaukar aiki na gaba? “Har abada” kuma a mayar da shi shekara 2 bayan gamawa, ban da bayanan mutane.

Sharaɗin sallama ya karkata gefe guda ƙwarai. A ce a wata na huɗu kin ci jarrabawar shiga aikin gwamnati aka ce ki bayyana cikin mako guda. Bisa wannan takarda za a bi ki jaka 160, kuɗin da ya riga ya tafi a mota da abincin rana, bayan kin yi musu aikin wata huɗu. Su kuwa suna iya cewa gobe kada ki zo, ba su biya ko dala ba. Ki nemi a goge maganar mayar da kuɗi gaba ɗaya, sanarwa ta zama iri ɗaya ga kowa, kwana 15 a rubuce, sai in an yi babban laifi. Ki sa a rubuta kuma cewa ko yaya aka rabu za a biya ki kwanakin da kika yi, a ba ki takardar shaidar sitaj mai nuna tsawon zamanki. Sau da yawa wannan shaidar ce ake riƙe wa yaro don a ja masa rai, ita ce kuma kika je nema tun farko.

To, yaya za ki gabatar da wannan ba tare da an ga kin cika tsaurin ido ba? Irin waɗannan takardu yawanci kwafi ne da aka ɗauko daga wani wuri, mai turo miki ma wataƙila bai karanta ta da kyau ba. Ki rubuta wa mai kula da ma'aikata gajeren saƙo, ki yi godiya, ki ce kin amince da sitaj, kina roƙon gyara kaɗan, ki haɗa da jimlolin da kike so a saka don kada ki ba shi aiki. In sun karɓi wasu sun ƙi wasu, ki sassauta a kan wa'adin sirri da yawan kwanakin sanarwa. In sun ce ba a taɓa takardar kamfani, ki nemi ƙarin shafi guda da ku duka za ku sa wa hannu, wanda ya keɓe manhajar ya kuma soke mayar da kuɗi. Alkawarin baki, irin “kada ki damu, ba ma amfani da wannan”, ba zai tsaya miki ba ranar da mai maganar ya bar kamfanin.

In har sun ƙi keɓe manhajar ko a ƙarin shafi, zaɓi biyu ya rage. Ko ki bar wurin, ko ki shiga amma ki ajiye kwafi mai kwanan wata, ki daina taɓa manhajar sam har ranar da sitaj ya ƙare. Na biyun zai yi miki nauyi in matan adashi suka kawo ƙorafin da ke buƙatar gyara, don haka ki auna shi da kyau, ki kuma zauna da Baba ki nuna masa lissafin jaka 160 ɗin nan da maganar ranar Lahadi.

Ranar sa hannu ki tabbata kwafi biyu ne, kowane shafi da alamar hannunki da ta wakilin kamfani, shafin ƙarshe da kwanan wata da hatimi, kuma babu gurbin da aka bari fayau a ce za a cike daga baya. Ki fito da naki kwafin a hannu a ranar.