Kada ka soma da kuskuren

"Abokin aikina a Tawa, da na ce rahotonsa na da gyara sai ya ɗau zafi. Yaya zan yi?"

Malam, gaban mutane kake masa gyaran ko? Nan matsalar take. Na sha irinta da wani akawunmu a Yamai. Na bari sai bayan la'asar, ofis ya watse, na kawo shayi, na buɗe shafin na ce: "Ɗan'uwa, jimillar nan ta fi rasit da jaka goma, taimaka min mu duba." Ban ce "ka yi kuskure" ba. Da kansa ya gano ya rubuta kuɗin mai sau biyu.

In ya fara kare kansa, yi shiru har ya gama, sannan ka mayar da yatsa kan lambar. Kuma kada ka tono na watan jiya.